Yadda ake daddawar kalwa, da inda warinta yake fitowa

Daddawa ruɓa ce, amma ruɓa mai linzami. Aikin mai yinta kaf shi ne ta kashe duk ƙwayoyin da ba ta so a jikin kalwa, ta bar guda ɗaya, ta ba shi ɗumi da laima da iska, sannan ta tsayar da shi kafin ya wuce gona da iri. Wannan ƙwayar ita ce bakteriyar da masana ke kira Basilus subtilis, wadda take zaune a ƙasa da ƙura da jikin ganye da ƙwarya. Ita ce dai take yin iru a ƙasar Yarbawa, da sumbala a Mali da Burkina Faso, da netetu a Senegal, har da natto na waken soya a Japan. Wanda ya fahimci halinta ya gama fahimtar daddawa, domin kowane mataki na aikin ita ake lallaɓawa.

Za mu bi aikin da kilo 2 na busasshiyar kalwa, saboda ƙasa da haka yana wuyar riƙe ɗumi, fiye da haka kuma yana wahalar da ɗan koyo.

Tsince kalwa da dahuwar farko

Bayan an ɓare ɗorawa an sussuke garinta, kalwar da ta rage tana ɗauke da ragowar gari mai zaƙi a jikinta. A wanke ta sosai har garin nan ya fita, a tsince tsakuwa, a zubar da duk ƙwayar da ta taso saman ruwa ko wadda ƙwari suka huda. Wankin nan ba don tsabta kaɗai ake yinsa ba. Garin ɗorawa sukari ne, sukari kuwa abincin ƙwayoyin da ke sa tsami ne, kuma tsami shi ne babban abokin gabar daddawa.

In da hali a jiƙa ta ta kwana, yana rage cin itace. Daga nan sai a zuba a babbar tukunya, ruwa ya sha kanta da kamar tsawon tafin hannu, a ɗora. Ɓawon kalwa tauri gare shi ƙwarai, shi ya sa dahuwar take ɗaukar awa 12 zuwa 24 a kan murhu, ana ƙara ruwa duk sanda ya ja baya. Ruwan da za a ƙara ya zama mai zafi in zai yiwu, don kada tafasar ta riƙa yankewa. Agogo ba ya yanke hukunci a nan. A ɗebo ƙwaya biyu ko uku a murza tsakanin babban yatsa da manuni. In baƙin ɓawon ya saɓule cikin sauƙi, ƙwayar ta rabe gida biyu, dahuwa ta yi. In sai an sa farce, da saura.

Cire ɓawo

A tsane kalwar, a zuba a turmi da ɗan yashi mai tsabta ko toka, a surfa a hankali. Ba daka ake so ba, gugar ɓawo ake so, don haka taɓarya ta riƙa sauka da sauƙi. Sai a kai ta ruwa mai yawa a yi ta cuɗawa da hannu a cikin kwando ko gwagwa, ɓawon yana tasowa ana kwashewa, yashin yana komawa ƙasa. Wannan ne mataki mafi cin rai da cin ruwa, kuma nan ne masu ganda suke ɓata daddawarsu. Ɓawon yana da sinadarai masu bauri, kuma ƙwayar da ta rage a cikin ɓawonta ba ta nuna tare da sauran, sai a ci karo da ita a miya tana nan da taurinta. A ƙarshe a zauna a tsince da hannu, duk ƙwayar da ba ta saɓule ba a ware ta gefe.

Ɓawo yana kwashe kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyin kalwa, amma abin da ya rage ya sha ruwa ya kumbura. Daga kilo 2 ɗin nan za a samu jiƙaƙƙiyar tsaba wajen kilo 3.

Dahuwa ta biyu, wadda ita ce zaɓen

A mayar da tsabar cikin sabon ruwa a dafa awa 1 zuwa 2, har ta yi laushin da in an matsa ta da yatsa za ta dame ba tare da ta zama kunu ba. Wasu suna jefa 'yar kanwa ko ruwan toka a ƙarshen dahuwar. Yana sa laushi da wuri, kuma yana rage tsamin tsabar, abin da Basilus ke so. Amma kaɗan ake sawa. Kanwa in ta yi yawa tsabar tana narkewa ta manne da juna, iska ta kasa ratsawa, ga ɗanɗanon sabulu.

A nan ne sirrin aikin yake. Mai karatu zai iya tambaya: in an tafasa abu na awanni, ina ƙwayar da za ta ruɓar da shi za ta fito? Amsar tana cikin wata dabara ta Basilus. Idan rayuwa ta yi mata tsanani, sai ta dunƙule kanta ta zama wani ɗan ƙwanso mai tauri, wanda ba ya ci, ba ya numfashi, ba ya jin fari, kuma tafasar ruwa a digiri 100 ba ta gamawa da shi duka. Wani masani Bajamushe, Ferdinand Cohn, shi ne ya bayyana wannan hali nata a 1876. Ƙwayoyin tsami da na yis da mafi yawan masu sa gudawa ba su da wannan sulke, tafasa tana hallaka su. Saboda haka tsabar da aka sauke daga wuta kusan fili ne da babu kowa, sai ƙwansunan Basilus da suka tsira, da waɗanda ke maƙale a jikin ƙwarya da buhu da ganyen da za a rufe ta da su. Zafin ma kansa yana farkar da ƙwanson ya fara tsiro. Shi ya sa tsohuwar ƙwaryar da aka saba yin daddawa a cikinta ta fi sabuwa kamawa, kuma shi ya sa ba a barin tsabar ta huce kafin a rufe ta.

Mai amfani da tukunyar matsin tururi ya kula da wannan. Tana rage dahuwar farko ƙwarai, amma zafinta yana kaiwa wajen digiri 120, wanda yake kashe har ƙwanson. In aka yi dahuwa ta biyu a cikinta, kuma aka juye a sabuwar roba da aka wanke tas, tsabar tana iya kwana biyu ba ta motsa ba. Maganinsa shi ne a marmasa kamar cokali ɗaya na daddawa mai kyau a cikin ɗan tafasasshen ruwa, a yayyafa a kan tsabar tun tana da zafi, a juya.

Rufi

A tsane tsabar sosai a kwando har ruwa ya daina ɗiga, amma kada ta yi sanyi. Ana so ta kasance tana tururi, jikinta da laima, ba ta kwance cikin ruwa ba. A shimfiɗa ganye mai tsabta ko ƙyalle a faffaɗar ƙwarya ko kwando, a baza tsabar kaurinta ya kai kamar santimita 5 zuwa 8, wato wajen faɗin yatsu huɗu. Kilo 3 ɗin nan gara a raba shi a mazubi biyu da a tara shi tsibi guda. A rufe da ganye ko ƙyalle, a lulluɓe da buhunan algarara biyu ko uku, a ajiye a lungun ɗaki inda iska ba ta kaɗawa.

Kauri da abin rufin suna da dalili. Basilus tana numfashi da iskar oksijin, kuma yayin da take cin abinci tana fitar da zafi, har tsakiyar tsabar ya haura digiri 40, wani lokaci ya doshi 50, alhali ba wuta a kusa. In shimfiɗar ta yi siriri, zafin yana tserewa, aikin ya tsaya. In ta yi kauri da yawa, tsakiya yana rasa iska, ga zafin da ya wuce kima, sai a samu sama ya nuna ƙasa ya jiƙe yana ɗoyi. Buhu yana riƙe ɗumi kuma yana barin iska ta ratsa. Leda da aka ɗaure tam ba ta yin haka: zufa tana taruwa a jikinta tana ɗigowa kan tsabar, iska kuma ta yanke. In dole sai leda, a hurhuda ta, a sa ƙyalle tsakaninta da tsabar.

Kada a sa gishiri yanzu. Gishiri na tsayar da aiki ne, wurinsa ƙarshe. Lokacin hunturu a ƙara buhu, a matsar da mazubin kusa da inda ake girki. Lokacin bazara kuwa a rage rufi, a fara dubawa da wuri.

Abin da ke faruwa a ƙarƙashin buhu

Kusan kashi ɗaya cikin uku na tsabar kalwa furotin ne, tana da mai da yawa, sitaci kuwa kaɗan. Wannan rabon ne ya bambanta daddawa da nono ko kamu. A can ƙwayoyi suna cin sukari su fitar da asid, abin ya yi tsami. A nan sukarin ba ya daɗewa yake ƙarewa, sai Basilus ta koma kan furotin.

A yinin farko sukarin take ci, har da nau'o'in da cikin mutum ba ya iya narkarwa, waɗanda suke sa kumburin ciki bayan cin wake. Shi ya sa daddawa ba ta cika dagula ciki ba. A wannan lokacin in aka sa hannu ƙarƙashin buhu za a ji ɗumi ya fara tashi, ƙanshin kuma bai wuce na dafaffen wake mai ɗan zaƙi ba. Ba a buɗewa, ɗumin hannu ya isa shaida.

Daga yini na biyu take fara zubo sinadaran da ke yayyanka furotin. Furotin doguwar sarƙa ce ta ƙananan ƙwayoyi iri 20 da ake kira amino asid, kuma muddin suna ɗaure a sarƙar harshe ba ya jin ɗanɗanonsu. Da an tsinka su sai ɗanɗano ya bayyana. Mafi muhimmanci a cikinsu shi ne gulutamat, wanda shi ne ainihin abin da ke cikin farin magi, wanda wani masanin Japan, Kikunae Ikeda, ya gano a 1908 cewa shi ke ba romo daɗinsa. Gulutamat ba shi da wari ko kaɗan. Wato abin da ake nema a daddawa da abin da hanci ke ji abubuwa biyu ne daban, sai dai tare suke tasowa. Da wani ɓangare na gulutamat ɗin ne kuma Basilus take saƙa yauƙin da ke lulluɓe tsabar, wanda in aka ɗaga ƙwaya yake jan zare. Yauƙi mai jan zare da ɗan farin lulluɓi mai laushi a kan tsabar alamar lafiya ce, ba lalacewa ba.

Warin yana farawa ne idan Basilus ta ci gaba daga yanka furotin zuwa cin amino asid ɗin kansu. Kowane ɗayansu yana ɗauke da naitirojin, kuma kafin ta ƙona shi don samun ƙarfi sai ta ɓalle wannan ɓangaren ta yar. Abin da ta yar shi ne amoniya, NH3, mai zarnin da ke hawa hanci ya sa ido hawaye. Amoniya tana kashe tsami, don haka ma'aunin pH na tsabar, wato awon da ke hawa idan tsami ya ragu, wanda ya fara a ƙasa da 7 kaɗan, yana hawa ya kai 8 ko ya ɗara.

Wannan hawan yana bayyana wani abu da duk mai yin daddawa ta sani: zarnin ba a hankali yake zuwa ba, kwatsam yake faɗowa. Amoniya tana zama a siffa biyu. Akwai wadda ke narke a ruwa, NH4+, ba ta tashi, ba a jin ta. Akwai NH3, wadda ke tashi sama ta shiga hanci. pH ne ke raba su. A ɗumin ɗaki, in pH yana kan 7, abin da ke siffar mai tashi bai kai kashi 1 cikin 100 ba. A kan 8 ya kai kusan kashi 5. A kan 9 ya haura kashi ɗaya cikin uku. Zafi kuma yana ƙara tura ta wajen tashi. Ga shi ita amoniyar ce da kanta take ɗaga pH ɗin, saboda haka tana ƙaruwa tana kuma buɗe wa kanta ƙofa. Tsabar da aka shinshina da safe aka ji zarni kaɗan, kafin la'asar tana iya korar mutum daga ɗaki. Wannan hawan pH ɗin dai yana da amfaninsa, domin ƙwayoyi da yawa masu ɓata abinci ba sa jure shi.

Amma amoniya ba ita ce warin daddawa duka ba, ita ce kawai mai ƙarfin murya. A ƙarƙashinta akwai dangi uku. Na farko wasu ƙananan asid ne da ke fitowa daga amino asid irin su lusin da balin bayan an cire musu naitirojin, babbansu shi ne asid ɗin isobalerik. Shi ne mai nauyin warin nan irin na zufar ƙafa, kuma ba kamanni ba ne kawai, sinadarin guda ne, domin ƙwayoyin fatar ƙafa ma lusin suke ci su fitar da shi. Na biyu sinadaran salfa ne daga amino asid mai suna metiyonin. Ba su da yawa, amma hanci yana kama su komai ƙanƙantarsu, su ne masu ɗan warin kabeji da ya kwana. Na uku su ne firazin, masu ƙanshin gasasshiyar gyaɗa da koko. Yawanci sai an gasa abu ake samunsu, amma Basilus tana samar da su a ɗumin buhu: tana fitar da wani sinadari mai suna asetoyin daga sukarin da ta ci a yinin farko, shi kuma ya haɗu da amoniya ya zama ɗaya daga cikinsu. A ganina firazin ne ke raba daddawa ta ƙwarai da ruɓaɓɓen wake. In aka shinshina aka ji zarni, a bayansa kuma aka ji wannan ƙanshin gashi, aiki ya yi kyau.

Yaushe ake tsayarwa

A buɗe gefe ɗaya bayan kamar awa 36 a duba da cokali mai tsabta. Yawanci tana kaiwa tsakanin kwana 2 zuwa 3, lokacin sanyi har 4. Nunanniyar daddawa ta yi duhu zuwa ruwan ƙasa, tana damewa a yatsa ba gardama, tana jan zare, ɗuminta ya fara sauka, zarninta kuma yana nan amma mutum zai iya tsayawa a kanta. Da an ga haka a kwashe. Ƙarin kwana ɗaya ba ya ƙara daɗi. Abin da yake yi shi ne Basilus ta ci gaba da cinye gulutamat ɗin da aka sha wahala aka tara, tana mai da shi amoniya, ɗanɗano yana raguwa wari yana ƙaruwa, daga baya ɗaci ya shigo.

Kurakurai ma a hanci da hannu ake gane su. In bayan yini guda babu ɗumi ƙarƙashin buhu kuma tsabar tana nan da tauri, ko dai ta huce kafin rufi ko wurin ya yi sanyi. In ba ta fara wani wari ba, ana iya ceto ta: a turara ta ta yi zafi, a yayyafa ruwan tsohuwar daddawa, a sake rufewa. In tsami ake ji, ƙwayoyin tsami sun riga Basilus kama wuri, galibi saboda ragowar garin ɗorawa ko ruwan da bai tsane ba, kuma wannan ba ya gyaruwa. In ƙasan mazubi ya yi caɓi yana ɗoyin kwata, iska ce ta yanke, wasu ƙwayoyi marasa buƙatar oksijin suka karɓi aikin. Wannan zubarwa ake yi, ba a tsame na sama a ce za a ci. Haka nan in aka ga fumfuna mai gashi, kore ko baƙi.

Akwai wata 'yar uwar Basilus subtilis mai suna Basilus siriyus, wadda ita ma ƙwansonta yana tsira daga tafasa, kuma tana sa amai da gudawa. Wani nau'in dafinta ma dahuwa ba ta kashe shi. Tana samun dama ne idan tsabar ta daɗe ba ta yi ɗumi ba, kuma tana son sitaci. Don haka masu barbaɗa garin hatsi a kan tsabar kafin rufi su taƙaita shi, a kuma tabbata ɗumi ya tashi cikin yinin farko. Tsabar da ta yi kwana biyu a sanyaye, ba zare ba zarni, kada a yi mata kwaɗayi.

Shanya da ajiya

A baza daddawar a rana a kan tabarma ko faranti, a rufa mata ƙyalle mai shara-shara saboda ƙuda. Idan ta sha iska ta daina manne wa hannu sosai, a kirɓa ta a turmi, a mulmula, a faɗaɗa ta fale-fale, a mayar rana. Mai son gishiri a nan zai sa. Bushewa ce ke tsayar da Basilus, ta koma ƙwansonta ta kwanta. A rana amoniya mai yawa tana tashi, launin kuma yana komawa baƙi, saboda amino asid ɗin da suka kuɓuta suna haɗuwa da ragowar sukari, ga iska tana taɓa sinadaran tsabar. A ci gaba da shanya har curin ya riƙa karyewa maimakon lanƙwasa. Wanda aka adana da sauran laima a tsakiya zai ci gaba da aiki a ɓoye, ya yi zarni, ya yi fumfuna. Busasshe kuwa yana watanni a wuri mai sanyi da duhu, sai dai mai da ke cikinsa yana sa shi canza wari in aka bar shi cikin zafi.

A tukunyar miya ma wannan lissafin yana aiki. Amoniya tana guduwa da tafasa, gulutamat kuwa ba ya tashi, don haka daddawa tun farkon girki ake sa ta, a bar murfi a buɗe na ɗan lokaci. Wanda ya ɗan gasa curin a bakin wuta kafin ya daka yana korar amoniya kuma yana ƙara firazin. A miya mai tsami, irin ta tumatir ko yakuwa, zarnin yana mutuwa nan take domin amoniya ta koma siffarta marar tashi. Amma tsamin yana kwance asid ɗin isobalerik, wanda a pH mai tsawo yake ɗaure a matsayin gishiri, sai nauyin warinsa ya fito fili. Saboda haka a irin wannan miyar a fara da rabin abin da aka saba sawa a miyar kuka, a bar ta ta tafasa sosai, a ɗanɗana kafin a ƙara.